Sha'ir, Tumaki da Ma'aikata: Abin da Ɗan Adam Ya Fara Rubutawa

Akwai wani ɗan allon yumɓu da bai kai tafin hannu ba, wanda aka rubuta a kudancin Iraƙi shekara dubu biyar da 'yan kai da suka wuce. Idan aka fassara abin da ke kansa, ga jigonsa: sha'ir kimanin lita 135,000, wata 37, sai wasu alamomi biyu da masana ke karantawa Kushim. Babu gaisuwa, babu addu'a, babu ko kalmar aikatau da za ta gaya mana ko an karɓi hatsin ne ko an fitar da shi. Alamomin Kushim sun fito a alluna 18, kuma yawancinsu a kan sha'ir ne da tsiron hatsi da kayan haɗa giya. Idan sunan mutum ne, to yana cikin sunaye mafi daɗewa da aka taɓa rubutawa a duniya, kuma mai shi ba sarki ba ne, ma'aji ne. Wasu masana suna ganin sunan muƙami ne ko na ofis. Ko wanne ne dai, aikin ɗaya ne: wanda za a tuhuma idan rumbu ya yi giɓi.

Wannan allon ba bare ba ne a cikin 'yan'uwansa. Haka rubutun farko yake. Shi ne kakan rubutun da Turawa ke kira kiyunifom, Larabawa kuma suke ce masa mismari, wato rubutun ƙusa, saboda kowane zane a cikinsa yana kama da ƙusa mai kai.

Mafi yawan waɗannan alluna sun fito ne daga kufan birnin Uruk, wanda yau ake kira Warka, kusa da kogin Furatu. Jamusawa masu tonon kayan tarihi sun fara cin karo da su a ƙarshen shekarun 1920, a unguwar Eyanna, inda manyan gine-ginen bautar gunkiyar birnin, Inanna, suke. Ba a ɗakin ajiya aka same su a jere ba. A cikin juji aka same su, an zubar da su tare da fasassun tukwane an cike ramuka domin a yi sabon gini a kai. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa masu su ba su ɗauke su abu mai tsarki ba. Rasit ne da amfaninsa ya ƙare. A shekarar 1936 Adam Falkenstein ya wallafa kashin farko, kuma zuwa yau an tara alluna da gutsattsari kimanin 5,000 daga Uruk, na tsakanin wajen shekarar 3300 zuwa 3000 kafin Miladiyya. Kusan kashi 85 cikin ɗari lissafin dukiya ne. Ragowar kuma jerin kalmomi ne da ake koyar da sababbin akawu da su. Labari ko waƙa ko tarihin yaƙi, babu wanda za a nuna da yatsa a ce ga shi.

Dalilin haka yana cikin girman garin. A lokacin Uruk ta kai faɗin kadada 250, kuma ana ƙiyasta mazaunanta tsakanin 20,000 zuwa 40,000. A ƙauyen da kowa ya san kowa, bashin mudu goma ba ya bukatar takarda, shaidu sun isa. Amma manyan gidajen Uruk suna da gonaki da garkunan tumaki da masaƙa da masunta da ɗaruruwan ma'aikata waɗanda a hatsi ake biyansu, domin ba a ƙirƙiro kuɗi ba tukuna. Wanda ya karɓi kaya daban, wanda ya ajiye daban, wanda zai raba daban. A nan ne ƙwaƙwalwa da amana suka gaza.

Kafin allo, akwai ƙwayoyin yumɓu

Tun wajen shekarar 8000 kafin Miladiyya, lokacin da noma ya kafu a wannan yanki, mutane suke murza yumɓu su yi 'yan ƙananan abubuwa kamar girman gyaɗa ko goro: wani mulmulalle, wani mai tsini, wani fale-fale. An daɗe ana tono su ana jefawa a akwatunan gidajen tarihi ba a san amfaninsu ba. Wani abin da ya buɗe ido shi ne wani ƙunshin yumɓu mai siffar ƙwai daga garin Nuzi, kusa da Kirkuk, wanda Leo Oppenheim ya yi bayaninsa a 1959. Wannan na baya-baya ne, an yi shi lokacin da rubutu ya riga ya tsufa, shi ya sa ya zama mabuɗi. A bayansa an rubuta lissafin garke, tumaki masu haihuwa 21, da raguna da awaki da 'ya'yansu, tare da hatimin makiyayi. A cikinsa kuma an sami tsakuwa kusan hamsin, daidai da yawan dabbobin. Makiyayin da bai iya karatu ba yana da tsakuwarsa, mai dukiya yana da rubutunsa.

Daga nan Pierre Amiet na gidan tarihin Luba a Faris ya duba irin waɗannan ƙunsoshi da suka fi tsufa nesa, na birnin Susa a Iran, sannan Denise Schmandt-Besserat ta shafe shekaru tana bin sawun ƙwayoyin yumɓun nan a ƙasashe da dama. Ga yadda ta tsara labarin. Wajen 3500 kafin Miladiyya, idan za a aika kaya ko a damƙa wa wani amana, sai a zuba ƙwayoyin da ke wakiltar kayan a cikin ƙwallon yumɓu mai rami, a rufe, a birgima hatimi a kai. Ba mai iya ƙarawa ko ragewa sai ya fasa. Matsalar ita ce shi ma mai gaskiya ba ya iya duba abin da ke ciki sai ya fasa. Sai aka fara danna alamar ƙwayoyin a jikin ƙwallon tun yana ɗanye kafin a rufe su. Da aka kai nan, abin da ke ciki ya zama ba dole ba. Aka daddale ƙwallon ya zama allo, aka bar alamomin kawai. An sami irin waɗannan alluna masu lamba zalla daga Susa har Habuba Kabira a Siriya. Mataki na ƙarshe shi ne a ɗauki tsinken kara a zana hoton kayan a gefen lambar. Wani allo daga Godin Tefe a Iran yana da ɗigo uku da tsaga uku, da hoton tulu: tulu 33, waɗanda ake kyautata zaton na mai ne.

Rabin farko na wannan labari, wato daga ƙwaya zuwa lamba, yana da ƙarfi, domin an buɗe wasu ƙunsoshin an ga abin da ke ciki ya dace da abin da ke waje. Rabi na biyu kuwa, cewa hotunan kalmomin ma daga siffar ƙwayoyin suka fito, akwai ja a kansa. Misali, alamar tunkiya a rubutun Uruk da'ira ce da gicciye a ciki. Da a ce daga ƙwaya ta fito, da an sami irin wannan ƙwaya birjik, tunda tumaki ne rabin dukiyar ƙasar. Amma kaɗan ƙwarai aka samu. Ga alama lambobin ne suka zo a hankali cikin dubban shekaru, alamomin kalmomi kuwa wasu 'yan akawu ne suka tsara su cikin ɗan lokaci a Uruk.

Lamba ɗaya, ƙima uku

Wurin da aka fi ganin asalin wannan rubutu shi ne a lambobinsa, kuma a nan ne masana suka fi shan wahala. Akawun Uruk yana da alƙalamin kara mai zagayayyen baki. Idan ya danna shi a kishingiɗe sai ya bar tsaga kamar sawun farce. Idan ya danna shi a tsaye sai ya bar ɗigo zagayayye. Da babban kara kuma yana yin babbar tsaga da babban ɗigo. Shekaru da dama ana ɗauka cewa tsaga ɗaya ce, ɗigo kuma goma ne a ko'ina, sai lissafin wasu alluna ya riƙa ƙin fita.

Wani Basuwide masanin lissafi, Jöran Friberg, shi ya fara warware ƙullin a ƙarshen shekarun 1970, sannan Hans Nissen da Peter Damerow da Robert Englund suka ƙarasa aikin a Balin. Hanyarsu mai sauƙin fahimta ce. Akawun yakan jera kaya ɗaya bayan ɗaya a fuskar allo, sannan ya juya ya rubuta jimla a baya. To, a ce a fuska akwai sha'ir tsaga huɗu a gida ɗaya, tsaga biyar a wani gidan. Jimla tara ke nan. Idan ɗigo goma ne, a baya sai a ga tsaga tara. Amma abin da ake gani a allunan hatsi shi ne ɗigo ɗaya da tsaga uku. Ashe a awon hatsi ɗigo shida ne, ba goma ba. Da aka bi ɗaruruwan alluna haka, sai ta bayyana cewa akwai tsarin ƙirga fiye da goma, kowanne da irin kayansa.

Idan tumaki ake ƙirgawa ko tukwane ko mutane, matakan su ne 1, 10, 60, 600, 3,600. Daga wannan tsari ne aka gaji minti sittin a cikin awa. Idan abincin rabo ne, kamar burodi da cuku, bayan 60 sai a tafi 120, sannan 1,200. Idan hatsi ne, tsaga shida ke yin ɗigo, ɗigo goma ke yin babban ɗigo, babban ɗigo uku ke yin babbar tsaga. Idan gona ake aunawa, wannan ɗigon dai yana daidai da tsaga 18. Abin ba zai zama baƙo ga ɗan kasuwa ba, domin shi ma ya san buhun masara daban, buhun siminti daban, duk da sunansu ɗaya.

A gwada da ɗigo uku da tsaga biyu. Idan alamar tunkiya ce a gefe, tumaki 32 ne. Idan zangarniyar sha'ir ce, uku sau shida sha takwas, a ƙara biyu, awo 20 ke nan. Ana ƙiyasta awo ɗaya ya kai kimanin lita 24, saboda haka lita 480 ake magana. Wannan lita 24 ɗin ma ba a banza ta zo ba. Akawun Uruk sun mayar da kowane wata kwana talatin cif, shekara kuma 360, domin lissafi ya yi sauƙi, kuma kashi ɗaya cikin talatin na awon nan shi ne abincin ma'aikaci na yini guda, wato ƙasa kaɗan da lita ɗaya. Awo 20 abincin ma'aikata ashirin ne na wata ɗaya. Wanda ya karanta ɗigon a matsayin goma zai ciyar da mutum goma sha biyu da babu su.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, a wurinsu ba a gama raba lamba da abin da ake ƙirgawa ba. Babu alamar “goma” da ke tsaye da ƙafarta ta dace da komai. Mutanen da suka zauna da niyyar rubuta magana ba za su ƙirƙiro irin wannan tsari ba. Masu rumbu da garke ne suka ɗauko awon da suka saba da shi a bakin aiki suka danna shi a yumɓu. Da wannan hanyar bin jimla ne kuma masana suke kama kurakuran akawun, inda wani ya manta da ɗigo ɗaya ko ya haɗa ba daidai ba.

Akwai wani kwano da ake samu dubbai a duk inda mutanen Uruk suka zauna, mummuna, mai kauri, wanda aka yi cikin gaggawa ba a kan juyi ba. Masana da yawa suna ganin da shi ake rabon abincin yini, ko a hatsi ko a burodin da aka gasa a ciki. Hotonsa ne ya zama alamar abincin rabo, kuma idan aka zana kan mutum da kwanon a bakinsa, ma'anar ita ce ci, ko abin da aka fitar aka ciyar. Wani ɓangaren kuma ba shi da daɗin ji. Alamar mace haɗe da alamar duwatsu tana nufin baiwa, wataƙila saboda daga ƙasashen tuddai na gabas ake kamo su. Allunan bayi suna rarraba mutane maza da mata, manya da yara da jarirai, da irin tsarin da ake rarraba shanu. Wani allo yana ɗauke da bayi biyu da sunan da ake jin na maigidansu ne, Gal-Sal. Sunayen bayi suna cikin sunayen farko da suka shiga rubutu, kuma ba don a girmama su aka rubuta ba.

Yadda magana ta shigo

Rubutun Uruk yana da alamomi kimanin 900, amma ba ya bin tsarin jimla. Ba ya nuna wa ya yi, ko yaushe, ko an yi ko ba a yi ba. Matsayin alama a cikin gidan da aka zana mata shi ke ba da ma'ana, kamar fom ɗin ofis. Shi ya sa har yau ake gardamar ko da harshen Sumer ake karanta shi, duk da yawanci sun karkata ga haka.

Sunayen mutane suna cikin abin da ya tilasta canji. Ana iya zana tulu, amma yaya za a zana sunan wanda ya karɓi tulun? Dabarar ita ce a ari sautin wata kalma. A harshen Sumer kibiya ana ce mata ti, kalmar rayuwa ma kusan haka take, sai hoton kibiya ya tsaya a madadin rayuwa. Kara kuma gi ne, kuma gi yana nufin mayarwa, kalmar da mai lissafin bashi ba ya rabuwa da ita. Da alama ta fara wakiltar sauti, ƙofa ta buɗe a rubuta kowace kalma. A wannan tsakanin ne kuma aka daina jan layi a yumɓu, wanda ke tara ɓurɓushi, aka koma danna kara mai kusurwa, hotunan suka rikiɗe suka zama tarin ƙusoshi.

Jerin kalmomin nan na makaranta su ma sun taka rawa. Akwai na kifaye, na tsuntsaye, na itatuwa, na tukwane, na garuruwa, da wani na muƙamai fiye da ɗari wanda aka yi ta kwafa fiye da shekara dubu ba tare da an sauya jerinsa ba, har bayan muƙaman sun ɓace. A cikin waɗannan jeri akwai kalmomin da ba a taɓa ganin an yi amfani da su a lissafi ba. Nan ne rubutu ya fara zama sana'a mai malamai da almajirai, ba kayan aikin rumbu kawai ba.

Duk da haka an daɗe. Sai wajen 2600 zuwa 2500 kafin Miladiyya, a allunan Fara da Abu Salabik, ake samun abin da za a kira adabi ba tare da shakka ba: waƙar yabon haikalin Kesh, da nasihohin wani uba mai suna Shuruppak ga ɗansa. Shekara 700 zuwa 800 ke nan bayan allunan farko. Su ma waɗannan ba a cika rubuta duk gaɓoɓin kalma ba, tamkar tunatarwa ce ga wanda ya riga ya haddace. Labarin Gilgamesh, sarkin Uruk ɗin nan, wanda duniya ta fi sani, ya zo ne daga baya sosai. Abin dariya, Sumerawa da kansu sun manta da asalin abin. A wani labarinsu, sarki Enmerkar na Uruk ne ya ƙirƙiro rubutu, saboda saƙon da ya ba manzonsa zuwa ga sarkin Aratta ya yi tsawo har manzon ya kasa riƙewa. Labari ne mai daɗi, amma a abin da aka tono, wasiƙa ba ta bayyana ba sai wajen 2400 kafin Miladiyya. Kuma adabin bai taɓa ture lissafi ba. Daga daular Ur ta uku, wadda ta yi kusan ƙarni ɗaya kawai har zuwa 2004 kafin Miladiyya, an sami alluna dubbai masu yawan gaske, kusan dukkansu rasit ne, har da na tunkiya guda da ta mutu.

Ba ko'ina haka ta faru ba

Sau da yawa ana faɗaɗa wannan magana a ce duk rubutun duniya daga lissafi ya fito. Shaida ba ta kai nan ba. A Masar, rubutu mafi tsufa ya fito ne daga wani kabarin sarauta a Abidos wanda Günter Dreyer ya tono a 1988: 'yan ƙananan tambura na ƙashi da hauren giwa, na wajen 3200 kafin Miladiyya, masu huji a kusurwa domin a ɗaura su a jikin kaya. Wasu lamba ce a kansu, wasu kuma ana jin sunan wurin da kayan suka fito ne. Akwai ƙanshin lissafi, amma a kabarin sarki ne, kuma nuna isa ya cakuɗa da shi tun farko. A ƙasar Sin, rubutu mafi daɗewa da ke hannu shi ne na ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru daga Anyang, wajen 1250 kafin Miladiyya, kuma na duba ne, sarki yana tambayar kakanni game da ruwan sama da yaƙi da ciwo. A Amurka ta Tsakiya kwanakin kalanda da sunayen sarakuna ne suka fara fitowa. Mai yiwuwa ne waɗannan ƙasashe sun yi lissafinsu a kan gora ko itace ko ganye, suka ruɓe. Iraƙi dai ta yi sa'a ne akawunta sun zaɓi yumɓu, wanda ko wuta ba ta cinye shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi.

Inda labarin Uruk ya maimaita kansa sosai shi ne a maƙwabciyarta Iran da kuma Girka. A Susa an sami mafi yawan alluna kimanin 1,600 na wani rubutu na daban, na wajen 3100 zuwa 2900 kafin Miladiyya. Har yau ba a karanta kalmominsa ba, amma an san na lissafin dabbobi da hatsi da ma'aikata ne, domin lambobinsa aro ne daga Uruk. Ya mutu bai kai ga adabi ba.

Na Girka ya fi ban mamaki. Arthur Evans ya tono allunan rubutun da ake kira Liniya B a Kunosos, tsibirin Kirit, daga 1900, Carl Blegen kuma ya sami wasu a Filos a 1939. Da Michael Ventris ya warware shi a 1952, aka gane Girkanci ne, mutane suka sa rai za su ji kakannin waƙoƙin Homa. Abin da aka samu shi ne tumaki kusan 100,000 a Kunosos, ƙafafun keken doki masu kyau da karyayyu, da jerin mata masu saƙa da 'ya'yansu da rabonsu na hatsi da ɓaure. Allunan kusan ba su san wani lokaci ba sai bana da bara, domin ba a yi su don su wuce shekara ba; gobarar da ta cinye fadojin ce ta gasa su. Wannan rubutu kusan bai fita daga harkar fada ba, saboda haka da fadojin suka rushe wajen 1200 kafin Miladiyya, ya tafi tare da su. Girkawa suka zauna kusan shekara 400 babu rubutu, sai a ƙarni na takwas kafin Miladiyya suka aro baƙaƙen Finikiyawa suka fara daga tushe.